An dakatar da ni wata huɗu babu albashi, haka doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni akawun sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Apapa, shekarata shida da su, albashina naira 140,000 a wata. Katan 60 na madara suka ɓata, aka ba ni takarda cewa an dakatar da ni "har sai an gama bincike". Yau wata huɗu ke nan, ko sisi ba a biya ni ba, kuma ba wanda ya kira ni. Suna da ikon riƙe mini albashi? Har yaushe za su ajiye ni a haka? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Kamfani yana da ikon ce maka ka zauna a gida yayin da yake bincike, wannan ba a ja. Riƙe albashi kuwa magana ce daban, ba ya samun wannan ikon sai idan sharuɗɗan aikinka sun ba shi a rubuce. Su oga-oga a Legas sun saba haɗa biyun a takarda ɗaya kamar dai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali a idon kotu kowanne da hukuncinsa.

Bari in fara da wanda ba zai yi maka daɗi ba. Idan kaya suka ɓata a sito, ba laifi ba ne a janye mai riƙe da makulli da littafin shiga da fita, don masu bincike su ƙirga kaya su duba webil, wato takardar rakiyar kaya, ba tare da yana tsaye a kansu ba. Kotunan Nijeriya sun daɗe da amincewa da haka, har ma sun ce ba dole ne a saurare ka kafin irin wannan dakatarwa ba, domin ba hukunci ba ce, share fage ne kawai. Sauraro yana wajaba ne a gaba, lokacin da za a yanke maka hukunci. Saboda haka kada ka ɓata ƙarfinka a kan cewa an tura ka gida ba a ji ta bakinka ba. Ƙarfinka yana wani wurin.

Yana wurin cewa har yanzu kai ma'aikacinsu ne. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a 2010 a shari'ar Bernard Longe da bankin First Bank. Shi ne shugaban bankin, aka dakatar da shi a 2002, daga baya daraktoci suka yi taro suka cire shi ba tare da sun aika masa da sanarwar taron ba, a ganinsu wanda aka dakatar ba shi da sauran kujera. Kotun ta ce a'a, dakatarwa ba kora ba ce, kuma ba ta rage wa mutum haƙƙin da doka ta ba shi, ta soke cirewar. Shari'ar ta manya ce, kuɗin da ke ciki ba irin namu ba ne, amma ƙa'idar da ta kafa ta shafi shugaban banki, ta shafi mai gadin ƙofarsa. Igiyar da ke tsakaninka da kamfani ba ta tsinke ba. Kai kana nan a shirye ka yi aiki, su ne suka ce ka tsaya. To idan igiya tana nan, alkawarin da ke cikinta na biyan albashi ƙarshen wata ma yana nan.

Wannan ƙa'ida ta girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara 45. Tun 1915 wata kotu a Ingila, a shari'ar Hanley da kamfanin Pease, ta ce mai gida ba ya ƙirƙiro wa kansa ikon dakatar da ma'aikaci babu biya. Ko dai yarjejeniya ta ba shi ikon, ko kuwa ba shi da shi. Kotunanmu sun gaji wannan, suna aiki da shi.

Sai Dokar Ƙwadago. Sashe na 17 ya ɗora wa mai gida nauyin ba ma'aikaci aiki a duk ranar da ya zo yana da lafiyar yi, idan bai ba shi ba kuma ya biya shi kamar ya yi. Lauyan kamfani zai yi sauri ya nuna maka togaciyar da ke cikin sashen, wadda ta cire wanda aka dakatar a matsayin horo kan saɓa ƙa'ida ko wani laifi. Amsar tana cikin takardarsu da suka rubuta da hannunsu. Ba su ce sun same ka da laifi sun hore ka ba, cewa suka yi har sai an gama bincike. Wanda ake bincike a kansa ba a kai ga horonsa ba tukuna. Kuma dokar ta hau kanka daidai, domin sashe na 91 ya ce ma'aikacin da take nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da akantoci ba sa cikinta, su yarjejeniyarsu kaɗai suke dogara da ita, da kuma hukunce-hukuncen kotu.

Yanzu abin da nake so ka yi yau da daddare, kafin ka je wurin kowa. Buɗe jakar takardunka ka fito da takardar ɗaukar aiki, da ɗan littafin ƙa'idojin ma'aikata da ake kira hanbuk in an taɓa ba ka, da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago in kuna da ƙungiya. Ka nemi wurin da aka yi maganar dakatarwa. In Turancin ya yi maka nauyi, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi, ba a taƙaice ba, domin kalma ɗaya ke juya lissafin.

A ce ka duba ba ka ga an ambaci riƙe albashi ba ko kaɗan. To kana bin su cikakken kuɗinka, 140,000 sau huɗu, naira 560,000, kuma kowane wata da ya ƙaru bashin yana ƙaruwa. Da kuɗin fanshonka ma, kashi 8 naka da kashi 10 nasu kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara, wanda ya kamata ya riƙa shiga asusunka duk wannan lokaci. Ka duba saƙonnin da kamfanin fanshonka ke turo maka, za ka ga watan da aka daina zubawa.

A ce kuma ka tarar an rubuta cewa wanda ake bincike za a ba shi rabin albashi har tsawon kwana 30. Irin wannan sharaɗi kotu tana girmama shi, amma iyakarsa inda aka rubuta. Watan farko rabi, 70,000. Sauran wata ukun ba su da madogara, sai cikakke, 420,000. Jimla 490,000. Idan kuma littafin ya ce wanda aka wanke a mayar masa da rabin da aka riƙe, to ragowar 70,000 ɗin ma za su dawo ranar da aka wanke ka. A nan ne kamfanoni da yawa suke faɗawa ramin da suka haƙa da kansu. Sun rubuta kwana 30 ko wata uku don littafin ya yi kyau, sai su manta da mutum a gida har damina ta zagayo.

Mai wuyar ita ce idan littafin ya ce ƙarara ana iya dakatarwa babu albashi, bai kuma sa wa'adi ba. A nan ba zan yi maka daɗin baki ba, suna da abin riƙewa. Amma akwai tambayar da nake fara yi kullum: littafin nan, an taɓa ba ka shi? Takardar ɗaukar aikinka ta ambace shi a matsayin ɓangaren sharuɗɗanka? Ka sa hannu ka karɓa? Littafin da yake kulle a durowar ofishin ma'aikata, ba a fito da shi ba sai ranar rigima, yana da wuya kamfani ya ɗaure ka da shi. Ko da ya ɗaure ka kuwa, ikon dakatarwa babu biya ba lasisin ajiye mutum har abada ba ne, wanda ya kawo mu rabin tambayarka na biyu.

Dokar Ƙwadago ba ta faɗi adadin kwanaki ba. Duk wanda ya ce maka doka ta ce sati biyu ko wata uku ga ma'aikacin kamfani, ka ce ya nuna maka sashen. Inda ake jin waɗannan lambobi aikin gwamnati ne. A ƙa'idojin ma'aikatan tarayya akwai nau'in da ake janye mutum daga aiki ana ba shi rabin albashi, in an wanke shi a biya shi cikon, akwai kuma nau'in da ake tsayar da albashin gaba ɗaya idan zargin ya yi nauyi kuma akwai hujjar farko. Dokokin jami'o'in tarayya da dama sun ce rabin albashi, kuma majalisar jami'a ta duba maganar kafin wata uku ya cika. Wannan nasu ne, bai hau kan sito a Apapa ba. Sai dai yana nuna maka wani abu: ita kanta gwamnati, da duk jan ƙafarta, ta ga ya dace a sa wa abin iyaka.

Ga ma'aikacin kamfani, ma'aunin shi ne lokacin da hankali zai ɗauka, kuma mai aunawa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda reshenta na Legas yake Ikoyi. Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya ba ta ikon duba rashin adalci a hulɗar aiki, da kuma auna abin da kamfani ya yi da kyakkyawar al'adar aiki ta duniya. Wannan ya canza abubuwa sosai. Da can mai gida yakan ce yarjejeniya ta ba ni, magana ta ƙare. Yanzu alƙali yana iya tambayar yadda aka yi amfani da ikon. Kotun ta sha bayyana dakatarwa mai tsawo marar wa'adi, musamman wadda babu albashi, a matsayin zalunci a hulɗar aiki, wani lokaci ma ta ɗauke ta kora ce da aka sa wa wata riga.

Me alƙali zai duba a taka? Zai duba girman abin da ake bincike. Badaƙalar da ta ratsa asusun banki goma da rassa biyar tana iya cin watanni, ba wanda zai yi mamaki. Katan 60 a sito ɗaya kuwa, me ake buƙata? A ƙirga kaya, a gwada katin sito da webil, a duba littafin mai gadi na motocin da suka fita, a kalli kyamara in akwai, a tambayi direbobi da 'yan dako. A ganina aikin sati biyu ne, in an ja shi wata guda. Zai kuma duba ko binciken yana tafiya da gaske. An ba ka takardar tuhuma, wato kwari? An kafa kwamiti? An kira ka ka yi bayani? An rubuto maka cewa an ƙara wa'adi saboda dalili kaza? Binciken da bai taɓa neman jin ta bakin mai riƙe da makulli ba cikin kwana 120, da wuya a kira shi bincike. Yawanci abin da ake jira shi ne yunwa ta kore ka da kanka, su huta da biyan komai.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Wani direban tirela ya taɓa zuwa ofishina, shi ma wata biyar yana gida kan zargin satar gas. Kuɗin haya ya taso, mai gidan haya yana buga ƙofa, sai wani a ofishin ma'aikatansu ya ce masa cikin lallashi ya rubuta layi biyu cewa ya bar aiki don kansa, a ba shi ɗan abin sallama, sunansa ya fita da tsabta. Ya rubuta. Abin da aka damƙa masa bai kai albashin wata ɗaya ba, kuma a ƙasan takardar karɓar kuɗin akwai layin da ya ce ba ya bin kamfani komai. Ya miƙo mini ita a ninke huɗu, ta jiƙe da gumi a aljihu. Ana iya yaƙar irin wannan a kotu a ce tilas aka yi masa, amma ya mayar da shari'a mai sauƙi ta zama hawan dutse. Ya tafi, bai dawo ba.

Abin da za ka rubuta wasiƙa ce ta neman haƙƙi, shafi ɗaya ya isa, babu zagi babu barazana. Ka faɗi ranar da aka dakatar da kai. Ka ce tun ranar ba a biya ka ba kuma ba a gayyace ka ba. Ka ce kana nan a shirye ka koma aiki ko ka bayyana gaban kowane kwamiti duk ranar da aka kira ka. Wannan jimla ita ce zuciyar wasiƙar, domin ita ke toshe bakin wanda zai ce gobe kai ne ka gudu ka bar aiki. Ka nemi su nuna maka sashen da suka dogara da shi wajen riƙe albashi, ka nemi a biya ka bashin, ka nemi sakamakon bincike, ka ba su kwana 14. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Na san yadda ake yi a Apapa, mai gadin da kuke cin abinci tare jiya zai ce oga ya hana ka shiga. Kada ka yi rigima da shi, umarni aka ba shi. Ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit, ka kuma tura hotonta ta imel. Ka je banki ka ciro bayanin asusunka na shekara guda, wanda zai nuna alat yana shigowa wata-wata sannan ya ɗauke.

Ka duba sunan da ke kan takardar ɗaukar aikin ma. Ma'aikata da yawa a Legas wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su ya tura su inda suke aiki. In haka taka take, ka aika wa duka biyun, kada su riƙa yi maka wasan ƙwallo, wannan ya ce je can, wancan ya ce dawo nan.

Wasiƙa irin wannan takan tayar da su daga barci, kuma ya kamata ka san ta inda za su iya ɓullowa. Suna iya kiranka kwamiti, to ka je, da kwafin duk wata shaida da kake da ita, kuma kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba. Suna iya sallamarka ba tare da ɗora maka laifi ba. A shekara shida, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ba ka notis na wata guda ko kuɗinsa, wato 140,000 a kan bashin da kake bi, sai in yarjejeniyarka ta ba ka fiye da haka. Suna kuma iya korarka bisa laifi, su rubuta cewa korar ta fara tun ranar da aka dakatar da kai, don su shafe wata huɗun nan da alƙalami. Wannan dabara ta tsufa. A 1995 Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da ita a shari'ar kamfanin Underwater Engineering da Dubefon, ma'aikacin da aka zarga da sata, kotu ta sallame shi, kamfani ya so ya mayar da korarsa baya. Kora tana fara aiki daga ranar da aka yi ta, albashin da ya taru kafin nan yana nan a wuyansu.

Wata hanyar kuma su ce to, kuɗin madarar za mu cire daga abin da kake bi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai bar wannan a sake ba. Cire kuɗi saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire, kuma duk abin da za a yanke a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. A naka, bai kai 47,000 ba. Kuma sai an fara nuna cewa kai ne ka jawo asarar, abin da har yau ba a nuna ba.

In sun kai maganar wurin 'yan sanda, wannan layi ne daban. Kamfani ba dole ne ya jira kotun laifi ta gama kafin ya yanke nasa hukuncin na cikin gida ba, matuƙar ya saurare ka. Tunda hanya a buɗe take gare su, "muna jiran 'yan sanda" ba uzuri ne mai ƙarfi na barinka shekara babu abinci ba.

Na san tambayar da ke ranka wadda ba ka rubuto ba, wato yadda za a ci abinci kafin nan. Ba wanda zai kama ka don ka taya ɗan'uwanka sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ko ka yi wata 'yar buga-buga. Abin da zan hana ka shi ne karɓar takardar cikakken aiki a wani kamfani, balle mai sana'a irin tasu, kafin ka yi shawara da lauya, domin za su ce kai ka tsinke igiyar, lissafin bashinka ya tsaya a ranar. Wayarka kuma ta zauna a kunne, in ka canza gida ka sanar da su a rubuce.

Idan kwana 14 suka wuce shiru, ba sai ka fara da kotu ba. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Legas yana gayyatar kamfani a zauna, kuma na ga inda takardar gayyata kaɗai ta sa aka biya. Gwamnatin jihar Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi, dukansu ba sai da kuɗin lauya ba. Ita ma Kotun Ma'aikata tana da cibiyar sulhu tata. In duk sun faskara sai a shigar da ƙara a Ikoyi, a nemi kotu ta bayyana cewa riƙe albashin haramun ne, ta ba da umarnin biyan bashi da zuba fansho, da diyya in ta ga dama. Abu ɗaya da bai kamata ka sa rai da shi sosai ba shi ne kotu ta tilasta musu mayar da kai sito, wannan ba kasafai take yi a kamfani mai zaman kansa ba. Kuma shari'a tana cin lokaci, shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, shi ya sa idan suka zo da tayin sulhu mai ma'ana nake cewa a saurara, amma da lissafin nan a hannu, kuma a biya ta banki.

In ka samo takardun, turo mini hoton shafin da ya yi maganar dakatarwa da kuma ita takardar da suka ba ka, gaba da baya, ka rufe sunanka da lambar ma'aikaci. Ina so in ga ko an rubuta "babu albashi" a cikinta, ko kuwa akanta ne kawai ya cire sunanka daga jerin biya.